Makarar da Ba a Ɗaukar Gawa a Kanta

Kalma ɗaya Bahaushe ya ba abu biyu: makarar da ake ɗaukar mamaci a kai, da makarar da ake yi wa ofis. To wasunku sun haɗe su sun zama ɗaya. Da zarar an ce an ba wane takardar tuhuma saboda makara, sai ka ga fuskoki sun sauya, ana ta "Allah ya kyauta", kamar an fito da likkafani. Ni kuwa da na shekara goma sha ina kula da ma'aikata a wani ƙaramin kamfanin rarraba kaya a Kano, na ce muku ba a mutu ba. Tambaya ce aka yi, a rubuce.

Na ga ka taɓe baki, Malam. Ka ce wace irin tambaya ce da hatimi da sa hannu da kwafi a fayil? Ka ce in dai tambaya ce, me ya hana a kira mutum gefe a yi masa ta fatar baki, kamar yadda 'yan Adam ke yi?

An yi, ranka ya daɗe. Ai shi ya sa aka kai ga takarda. Wanda ya fara da takarda tun makarar farko, wannan ba shugaba ba ne, mai neman rigima ne, kuma ba shi nake karewa ba. Amma bari in tambaye ka: maganar bakin nan da kake so, bayan wata uku wa ke tuna ta? Kai za ka rantse ka ce sau biyar ka yi masa faɗa. Shi zai rantse ya ce sau ɗaya ne, kuma a ranar ma dariya kuke yi, har ka tambaye shi jikin tsohuwa. Dukkanku ba ƙarya kuke ba. Haka baki yake, ba ya ajiya.

Bari in kawo maka mutumina. Ba zan kama suna ba, mu ce Malam Wane, mai kula da sito. Makullin sito a aljihunsa yake kwana. Ƙarfe 8:00 muke buɗewa, akwai rangwamen minti 15, da 8:15 ta yi a ja jan layi a littafin sa hannu, duk wanda ya rubuta sunansa ƙasan layin ya makara. Idan Malam Wane bai iso ba, direbobi uku da 'yan dako huɗu suna zaune a kan benci suna kallon ƙofar ƙarfe. Motar da ya kamata ta kama hanyar Zariya da sassafe sai ta tashi rana ta take.

Ka ce makarar minti arba'in ɗin me? Ka ce ai mu dama haka muke, lokacin Bature daban, namu daban? Haba Malam! Kai da na sani, ranar da aka kira sallar magariba a watan azumi ka taɓa makara da minti ɗaya? Ranar da aka ce ƙarfe shida jirgin alhazai zai tashi, ba tun jiya da la'asar ka tare a sansani da tabarmarka ba? Agogo muna da shi, lafiyarsa ƙalau. Zaɓar inda zai yi aiki muke yi.

To sai na zauna rubuta takarda, wadda 'yan ofis ke kira kwiri, masu gyara harshe su ce takardar neman bahasi. Ga abin da na fara rubutawa, kuma ina jin kunyarsa har yau: "An lura cewa kullum kana zuwa aiki a makare, abin da ke nuna rashin ɗa'a da rashin kishin kamfani." Na karanta na ji daɗi, har na gyara zama. Na san kai ma ta burge ka. Ka ce ai ga takarda mai zafi, wadda za ta sa mutum ya shiga taitayinsa.

Takardar banza ce, na yage ta. Duba kalmar "kullum". Ranar da Malam Wane ya buɗe littafin sa hannu ya nuna maka rana ɗaya tak da ya zo bakwai da rabi, "kullum" ta faɗi, kuma da ita duk takardar ta faɗi, ka koma kai ne maƙaryaci. Sannan "rashin ɗa'a" da "rashin kishi": wa ya tambaye ni? Ban ji ta bakinsa ba na riga na shiga zuciyarsa na auno kishinsa. Alƙalin da ya rubuta hukunci kafin a shigo da wanda ake ƙara, me kuma zai tambaye shi in ya shigo, lafiyar iyali?

Sai na ɗauko littafin na bi shi shafi shafi, ina kwafe rana da lokaci. Aiki ne mai gundura, na yarda, ya ci mini kusan awa guda. Ga abin da ya fito:

"Zuwa ga Malam Wane, mai kula da sito. Talata, 28 ga Oktoba.

Neman bahasi a kan makara.

Ƙa'idar aiki da ka sa wa hannu lokacin ɗaukarka ta ce ana fara aiki ƙarfe 8:00 na safe, da rangwamen minti 15. Littafin sa hannu ya nuna cewa daga 6 zuwa 27 ga Oktoba, cikin ranakun aiki 16, ka iso bayan wannan lokaci sau bakwai: Litinin 6 ga wata, 8:47, Laraba 8 ga wata, 8:35, Litinin 13, 9:05, Alhamis 16, 8:40, Litinin 20, 8:55, Laraba 22, 8:50, Litinin 27, 9:10. A waɗannan ranaku lodin motoci bai fara ba sai da ka iso, saboda makullin sito yana hannunka. Ranar 9 ga wata na yi maka magana a kan haka a ofishina.

Ana so ka yi bayani a rubuce a kan kowace rana, ka miƙo kafin ƙarfe 12:00 na ranar Alhamis 30 ga Oktoba. Idan kana da wata shaida, ka haɗo da ita. Kana iya duba littafin sa hannu a ofishina. Ba a yanke wani hukunci ba tukuna. Idan bayanin bai gamsar ba, ko amsa ba ta zo ba, ana iya ba ka gargaɗi a rubuce kamar yadda ƙa'idar aiki ta tanada."

Shi ke nan. Ka ce ba gishiri ba magi? Ka ce ina tsawar, ina "in ba haka ba"? To tsawar tana cikin lambobin. Mutum zai iya musun "kullum" har gobe, amma 9:10 da ya rubuta da hannunsa a ƙasan jan layi, ya ce wa ya rubuta masa, aljani? Idan ka tara mintunan nan daga ƙarfe takwas, awa shida ne da minti biyu, mutum bakwai suna zaman jira. Ban ma sa wannan lissafin a takardar ba. Na bar shi ya yi da kansa, ai mai sito ne, ya fi ni iya tarawa.

Na san akwai Hajiya a can baya tana cewa, wannan tsari na ma'aikatan gwamnati ne, me ya haɗa shi da ɗan kamfanin da bai fi mutum ashirin ba? Gaskiyarki rabi, Hajiya. Dokokin aikin gwamnatin tarayya, bugun 2008, su ne suka jera yawan makara cikin laifuffukan rashin ɗa'a, suka kuma ɗora wa shugaba ya sanar da na ƙasa da shi a rubuce, da cikakken bayani, ya ba shi wa'adi ya kare kansa. Waɗannan dokoki ba su hau kan kamfanina ba. Abin da ya hau kaina shi ne takardar ɗaukar aiki da ƙa'idojin da muka rubuta da kanmu. Amma rigimar ma'aikaci da mai gida, ko na gwamnati ko na 'yan kasuwa, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa take zuwa, tun da gyaran tsarin mulki na uku na 2010 ya damƙa mata wannan fage. Kuma in ka sallami mutum da sunan ya yi laifi, daga cikin tambayoyin farko da za ka sha akwai wannan: an faɗa masa laifinsa, an ba shi dama ya amsa? Ranar ce za ka yi ta lalube a durowa kana neman takardar da ka ce rashin mutunci ce.

Ka ce a bar zancen kotu, kai kana da gajeriyar hanya: a yanke masa dubu biyu duk ranar da ya makara, gobe da asuba zai zo. Na ji wannan dabarar daga bakin masu kamfani ya fi a ƙirga, kowa kuma ji yake shi ya ƙirƙiro ta. Sai dai sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana mai gida cire kuɗi daga ladan ma'aikaci da sunan tara, sai inda doka ta ba da dama. Dokar ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis, ba manyan jami'ai da ƙwararru ba, amma ai ƙananan ne kake shirin yanka, ba manaja ba. Ko a ajiye doka gefe, ka lura da abin da ka yi: ka sa wa makara farashi. Ranar da mutum ya ga barcinsa ya fi dubu biyu daɗi, zai saya, ya shigo ƙarfe goma da ƙirjinsa a buɗe, don ya biya.

Yanzu wa'adi. Na ba shi kwana biyu. Wasu wurare awa 24 suke bayarwa, wasu 48, wasu 72, kuma abin da ƙa'idarku ta rubuta shi za ka bi. Amma na san irinka. Kai ne za ka miƙa wa mutum takarda ƙarfe huɗu saura kwata na yammacin Juma'a, ka ce awa 24, ka shiga mota ka tafi, ranar Litinin ka ce bai amsa ba. Wa zai miƙa wa, maigadi? Shi ya sa na rubuta rana da ƙarfe, ban bar shi yana ƙirga awanni da yatsu ba. Kuma da yake Hausa ta fi zama masa a ido, na haɗa masa da ta Hausa a bayan ta Turancin da ke shiga fayil, na ce ya amsa da duk wadda ya ga dama. Tambayar da mutum bai fahimta ba, amsarta ma ba za ka fahimta ba.

Na kira shi ofis, na tura ƙofa, na miƙa masa. Ya karanta a tsaye. Da ya zo ƙarshe sai ya ajiye biron da na ba shi a kan tebur a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Yallaɓai, ni ba zan sa hannu ba."

"Don me, Malam?"

"In na sa, ai na amsa laifi ke nan."

Na nuna masa layin da ke ƙasa: "Na karɓi kwafin wannan takarda", da wurin rana da lokaci. Na ce wannan kawai kake sa wa hannu, kamar yadda direba ke sa maka hannu in ya karɓi katan hamsin. Karɓa ya yi, ba shi ya ce kayan na da kyau ba. Ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya sa. Da ya ƙi, ba kokawa za mu yi ba: in kira mutum ɗaya ya shaida an ba shi ya ƙi sa hannu, a rubuta rana da lokaci, wa'adi ya ci gaba da tafiya.

Ka ce da kai ne, a allon sanarwa za ka manna ta, ko ka jefa ta a zauren waya na ma'aikata, kowa ya ɗauki darasi? Darasin da za su ɗauka shi ne kai mai tonon silili ne. Magidanci mai 'ya'ya biyar, ka sa 'yan dakon da ke ƙarƙashinsa su karanta tuhumarsa suna shan shayi? Daga ranar ba gyara zai sa a gaba ba, ramuwa zai nema, kuma makullin sitonka na aljihunsa. Takarda tsakaninka da shi ce da fayil.

Ranar Alhamis da hantsi amsa ta zo, shafi ɗaya da rabi, rubutun hannu. A nan ne nake so ka matso kusa, mai shakka, don a nan aka kama ni.

Game da Alhamis 16 ga wata ya rubuta cewa ni da kaina na kira shi daren Laraba na ce ya biya ta tashar mota ya karɓo saƙon kaya kafin ya shigo. Ya haɗo da rasit ɗin tasha mai ɗauke da kwanan wata. Na ɗauko wayata na duba. Ga kiran nan, ƙarfe tara da 'yan mintuna na dare. Ni na aike shi, ni na manta, ni kuma na tuhume shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yanzu ka duba: da takardar farko na ba shi, mai "kullum", ta yaya zai nuna mini wannan? Ba rana a cikinta balle ya ce wannan ranar ba haka ba ne. Da tara na yanke masa, da na ci dubu biyunsa a kan aikena. Bakwai ta koma shida, kuma na rubuta masa haka ƙarara a amsata, ban ɓoye a cikin lungun jimla ba.

Sauran kuma, ka lura da abin da ni ban lura da shi ba sai da na jera ranakun? Huɗu daga ciki Litinin ce. Duk Litinin ɗin watan, ba ɗaya da ta tsira. Ya bayyana cewa mahaifiyarsa na kwance a ƙauyensu can wajen Dambatta, yana tafiya yammacin Juma'a, ya taso asubahin Litinin, kuma tun da kuɗin mota ya hau bayan cire tallafin mai a 2023 ba ya iya zuwa ya dawo ya sake komawa. Motar farko sai ta cika take tashi, in an shigo gari kuma ga cunkoson Kurna.

Na ga idonka ya yi laushi. Ka ce to shi ke nan, a yage takarda, a ba shi haƙuri, har a ƙara masa da na cefane. Tsaya, Malam, ɗazu kai ne mai yankan dubu biyu, yanzu ka zama limami? Dalilinsa gaskiya ne, na yarda da shi. Amma ranar 9 ga wata da na zaunar da shi, me ya ce mini? "In sha Allahu za a gyara, Yallaɓai." Bai ce uffan a kan tsohuwa ba. Ya san kowace Litinin zai makara, ya san makulli na jikinsa, ya bar mutum bakwai a benci sau huɗu bai bar wa kowa saƙo ba. Jinya ba laifi ba ce, shirun ne abin tambaya. Laraba biyun kuwa, 8 da 22, ya rubuta da kansa cewa ba shi da wani uzuri, barci ne. Wannan layin ya fi komai ƙara masa daraja a idona, amma bai mayar da 8:50 ta zama 8:00 ba.

Abin da na yi: na rubuta masa amsa washegari, ban bar maganar ta kwana a durowa ba. Ranar 16 an janye ta, kuskuren ofis ne. Litinin huɗu an karɓi dalilin, amma an ja hankalinsa a kan rashin sanarwa. Laraba biyu ba uzuri. Ba a kai ga gargaɗi na hukuma ba, takardar jan hankali ce, za a sake duba littafin bayan kwana 30, in an sake samun makara marar dalili gargaɗin zai biyo. Ranar Litinin an mayar da shi 9:30 zuwa 5:30 na wata biyu, mataimakinsa kuma ya riƙa karɓar makulli yammacin Juma'a da sa hannu. Wannan na ƙarshen, in faɗa maka gaskiya, tun shekarun baya ya kamata in yi shi. Sito guda, makulli guda, aljihu guda: wannan gangancin nawa ne, ba nasa ba.

Me ya sa na yi saurin amsawa? Don na ga masu ba da takarda, a kawo musu amsa, su jefa a durowa su yi shiru wata takwas, har su ƙara wa mutum girma a tsakani, sannan ranar da suka yi faɗa a kan wani abu daban su zaro ta suna kaɗe ƙura. Laifin da ka gani ka yi shiru a kansa tsawon lokaci, ana iya ɗauka ka yafe shi, kuma shi ma'aikacin haka ya ɗauka. Takarda ba layar da ake binnewa ba ce a tono ranar tsiya.

Saura ƙorafinka na ƙarshe, wanda ka ɓoye tun ɗazu kana jira in gaji. Ka ce duk wannan tsari a kan talaka yake ƙarewa, ɗan 'yar mai kamfani da ke shigowa tara da rabi yana taunar cingam, wa ya ba shi takarda? A nan kam ba zan yi maka gardama ba, ko ta wasa. Lokacin da nake bin littafin nan ina kwafe ranakun Malam Wane, sunayen da ke kusa da nasa a ƙasan jan layi ba rufe ido na yi ban gan su ba. Mutum biyu ne suka kai a tambaye su. Ɗayan kuwa shi ne yaron cingam ɗin. Na yi kwana biyu ina juya abin, don na san wanda zai kira ni da dare. Na rubuta masa tasa, kalma ɗaya ba ta bambanta da ta mai sito ba sai ranaku da mintuna. An kuwa kira ni. Na ce, "Alhaji, in ba a ba shi ba, sai a janye ta Malam Wane, don littafi ɗaya suka sa wa hannu." Ya yi shiru, ya ce a yi abin da ya dace, ya kashe waya ba sallama.

Ka ce to kai fa, mai ba mutane takarda, ƙarfe nawa kake zuwa? Na san nan za ka ɓullo. Sati biyu bayan wannan, taya ta yi mini faci a Titin Zoo, na iso 8:32. Littafin yana kan teburin maigadi a buɗe, an riga an ja layi. Malam Wane na tsaye a ƙofar sito, motoci biyu sun riga sun fita, yana riƙe da takardar lodi yana kallona. Bai ce komai ba, ya dai zaro biro daga aljihun gaban rigarsa ya miƙo mini da hannu biyu. Jan biro ne ma. Na rubuta sunana a ƙasan layin, na sa 8:32, ya leƙo ya duba agogon hannunsa.

"Talatin da uku, Yallaɓai."